Wai yaran yanzu ba sa son aiki, in ji Hajiya mai gidan abinci

Duk wanda ya saba cin abincin rana a gidajen abinci na Minna, daga Tunga har Chanchaga, ya san wannan amsar. Ya tambayi ina yarinyar da ke zuba masa miya a watan jiya, sai Hajiya ta taɓe baki daga bayan kanta ta ce, "Ta gudu. Ai yaran yanzu ba sa son aiki." Wata mai zuwa wata yarinyar ce za ta gudu, amsar kuma ba za ta sauya ko da harafi ɗaya ba. Mai wannan rubutu ya gaji da jin ta, domin yarinyar da aka ce ba ta son aiki sau da yawa tana can gaba kaɗan, a wani shagon, tana tuƙa tuwo tun ƙarfe bakwai na safe.

Ba sai an tambaya ba ma ake gane an yi sabuwar mai girki. Tuwon shinkafar da aka saba da shi sumul sai ya zo da gudaji, saboda sabuwar ba ta san ƙarfin wutar murhun gidan ba, ba ta kuma san yawan ruwan da shinkafar da Hajiya ke saye take sha ba. Miyar kuka ta tsinke, ko daddawa ta yi mata yawa. Sakwara kuwa, a garin da doya ke da arha kuma kowa ya san daɗinta, ita ce ke saurin tona asiri: in mai daka ya bari doyar ta huce kafin ta shiga turmi, ƙulle-ƙulle za su fito, kuma babu miyar agushin da za ta rufe su. Mai ci ba ya kai ƙara. Ya biya kuɗinsa, gobe ya tsallaka titi.

To me ya kori ta farkon? A yi lissafi, da ƙiyasi irin wanda kowa zai iya sauya alƙalumansa da na shagonsa. A ce yarinya tana zaune a wajen Chanchaga, can ta hanyar madatsar ruwa ta Tagwai, tana aiki a Tunga, albashinta ₦35,000 a wata. A ce kuɗin Keke zuwa da dawowa ₦700 ne a rana, kuma babu ranar hutu, wato kwana 30 cur. Keke kaɗai ya cinye ₦21,000, saura ₦14,000. Faranti biyu sun fashe a wajen wanke-wanke, an cire ₦2,000. Wani dare an ƙirga ciniki bai cika ba, ba a san hannun wa ba, aka raba asarar a kan kowa, nata ₦3,000. Abin da ya rage mata ₦9,000 ne, shi ma ba ranar 30 ga wata zai zo ba, sai wajen 12 ga na gaba, bayan ta yi ta faɗin "Hajiya, maganar kuɗina" har ta fara jin kunyar bakinta. Wannan ce yarinyar da ba ta son aiki.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin abin hawa ya koma shi ne babban maciyin albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma na dare ya fi na rana. Gidan abincin da ke tashi ƙarfe goma, sannan a tsaya wanke tukwane da share ƙasa, yana sallamar ma'aikatansa ne a lokacin da masu Keke suka yi ƙaranci, wanda ya rage kuma sai yadda ya ga dama. Iyaye ma suna da tasu maganar: ba kowane uba ne zai jure 'yarsa tana shigowa gida sha ɗaya na dare kullum ba, kuma ranar da ya ce ya isa, aikin ya ƙare ke nan.

Abin da ya fi ba da haushi shi ne dabarar nan ta riƙe albashi da gangan. Wasu masu shago suna jan biyan kuɗin wata har tsakiyar na gaba, wasu su riƙe na watan farko gaba ɗaya, wai don kada ma'aikaci ya gudu. A zatonsu sun ɗaure shi. Abin da suka koya masa shi ne ranar da zai tafi kada ya yi sallama, domin ya san in ya ba da sanarwa, kuɗin da aka riƙe sun tafi ke nan da sunan faranti da cokula. Sai ya jira ranar biya, ya karɓa, washegari waya a kashe. Hajiya ta wayi gari da murhu huɗu da mutum ɗaya, ta ce an ci amanarta.

Doka ba ta yi shiru a kan waɗannan ba, ko da yake a bakin murhu ba a cika jin ta ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku, kada tsakanin biya da biya ya zarce wata guda, a ba shi hutun kwana ɗaya cikin kowane bakwai, kuma wanda zai yi awa shida ko fiye a rana ya samu hutun aƙalla awa ɗaya a tsakani. Cire kuɗi saboda asara ma ba a yin sa da ka: sai in sakaci ne ko ganganci, kuma da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Ita ma sanarwar barin aiki an ƙayyade ta, mako guda ne ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, kuma ta hau kan ɓangarorin biyu. Mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa bai tilasta wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk shagunan da ake magana a kansu. Amma labarinsa ya shiga kunnen kowa, haka ma na ₦80,000 da Gwamna Mohammed Umaru Bago ya amince wa ma'aikatan Jihar Neja a shekarar ta 2024. Mai wanke-wanke ta san waɗannan alƙaluma, tana kuma auna nata da su.

Gaskiya ne, masu shagon ma suna ji a jika. Gas ya yi tsada, buhun shinkafa ya yi tsada, haya ba ta jira. Akwai ma'aikacin da ke sulale nama a aljihu, akwai wadda waya ba ta barin hannunta. Ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ya kama aiki a hutu zai koma Gidan Kwano ko Bosso in an buɗe makaranta, mai aure za ta tafi gidan miji, wani Abuja ce ke kiransa, wani gona in damina ta faɗi. Waɗannan babu mai riƙe su. Sai dai ba su ne ke sa shago ɗaya ya sauya mai girki sau huɗu a shekara alhali maƙwabcinsa yana nan da tasa shekara biyar ba.

Yanzu a juya lissafin ta ɓangaren Hajiya, tunda da kuɗi take jin magana. A ce tana sayar da faranti 150 a rana, ribar kowanne ₦300. Mai girki ta tafi, sabuwa na buƙatar mako biyu kafin hannunta ya faɗa. A ce cikin waɗannan kwanaki 14 faranti 20 kacal ake rasawa a kullum, wasu don ɗanɗano ya sauya, wasu don abinci bai sauka da wuri ba, ma'aikatan sakatariya kuma ba sa jira. Asarar ta kai ₦84,000, ba a sa shinkafar da ta caɓe aka zubar ba, ba a sa mai cin da ya tafi ke nan ba. Da ₦10,000 aka ƙara wa tsohuwar na Keke duk wata, da ₦84,000 ɗin nan ya riƙe ta wata takwas da 'yan kai. Hajiya ba ta ganin wannan asarar ne saboda babu ranar da ta zaro ta daga jaka ta miƙa wa wani.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne ranar biya ta zama rana ɗaya da kowa ya sani, a rubuta ta, kada ta motsa ko ciniki ya yi sanyi. Ga masu ƙaramin albashi, biyan mako-mako ya fi, ko a ware kuɗin Keke a riƙa ba su a hannu duk dare. Shagon da ma'aikatansa uku ko huɗu hanyarsu ɗaya ce zai iya yin jinga da mai Keke guda ya riƙa zuwa lokacin tashi, ya fi arha, kuma uban yarinya ya san wanda ke dawo masa da ita. Hutun mako ma a Minna ba shi da wahalar tsarawa, domin da wuya a samu kicin da babu Musulmi da Kirista tare: waɗannan su huta Juma'a, waɗancan Lahadi, shago bai rufe ba.

Maganar cinikin da bai cika ba ita ce ke buƙatar littafi. Kafin a buɗe, a ƙirga malmalar tuwo nawa suka shiga kula, yankan nama nawa ke cikin miya, a gaban wadda za ta sayar, ta sa hannu. In za ta miƙa wa ta yamma, a sake ƙirgawa a gaban su biyun. Aikin minti goma ne. Da shi, ranar da kuɗi suka gaza an san daga hannun wa, mai gaskiya ba ta biya wa ɓarawo ba, ɓarawon kuma shi zai fara neman wani wurin. Inda ake raba asara a kan kowa, mai gaskiyar ce ke fara tafiya, domin ita ce ba ta da wata hanyar mayar da abin da aka cire mata. Faranti kuwa kayan aiki ne, dole ya fashe wata rana, kuɗinsa na cikin kuɗin gudanar da shago kamar sabulu da soso.

Sai kuma bakin Hajiya. "Ke, zo nan, wane irin sakarci ne wannan?" a gaban mutum goma masu cin abinci ya kori ma'aikata fiye da yadda take zato, kuma masu cin ma ba daɗi suke ji ba, suna dai sunkuyar da kai ne a kan tuwonsu. Faɗan da za a yi a bayan kicin bayan rana ta lafa yana gyara laifi iri ɗaya. Haka nan yarinyar da ta shekara a bakin baho tana wanke-wanke, hannunta duk ya yi fari da omo, in ba ta ga ranar da za a matsar da ita wajen zuba abinci, daga can zuwa murhu, da ɗan ƙarin kuɗi a kowane mataki ba, to a shagon wani za ta koyi tuƙin. Matsar da ita yana da wata riba: ranar da babbar mai girki ta yi rashin lafiya ko ta tafi biki Bida, akwai wadda ta riga ta san awon gidan, kofi nawa na ruwa ga mudun shinkafa, da lokacin da ake rage wuta.

Mai shirin tafiya ba ta ɓoyuwa ga mai lura. Ta daina gardama in an yi mata faɗa, ta fara tambayar nawa ne ragowar kuɗinta, takalman aikinta da ɗankwalin da take bari a shago sun koma gida. A wannan makon ne ya kamata Hajiya ta kira ta gefe ta tambaye ta abin da ke damunta, ta kuma tanadi amsa a kan kuɗin Keke da ranar biya kafin ta yi tambayar.