Sauti da Rashi a Labarin Ban Tsoro

Duk wanda ya yi nazarin tatsuniyoyin Dodo da hikayoyin aljanu da fatalwa, irin waɗanda tsofaffi ke bayarwa bayan sallar isha a ƙasar Dutse, daga Garu har zuwa Kiyawa da Jahun, zai tarar cewa gwanayen wannan fanni ba su cika siffanta abin tsoron ba, balle su tsaya lissafin jini da gaɓoɓi. Abin da suke yi shi ne su sa kunne ya ji motsi, sa'an nan su hana ido ganin mai motsin. Dalili kuwa shi ne, abin da aka siffanta ya sami iyaka, hankali yana iya auna shi, amma abin da aka bari a gaibu kowane mai sauraro da kansa zai ƙera shi gwargwadon abin da zuciyarsa ta fi tsoro. Malaman balaga sun daɗe da sanin haka, domin a babin hazafi sun bayyana cewa barin ambaton abu wani lokaci ya fi ambatonsa isar da ma'ana.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wani falke ne dare ya yi masa a hanyar dawowa daga kasuwar Shuwarin, ya hango wani gida a gindin duwatsu, ya kuma jiyo lugude daga ciki, taɓare uku suna faɗawa turmi bi da bi. Wannan sauti sananne ne, har hankali ya kwanta da shi, sai dai lokacinsa ne bai dace ba, gama ba a saba jin lugude da tsakar dare ba. Daga nan shakka ta fara shiga. Ya tsaya a zaure ya yi sallama, ba a amsa ba, amma taɓarya ɗaya ta daina. Ya sake, ta biyu ta daina. Da ya yi ta uku, sai wuri ya yi tsit.

A nan hikimar take. Kowane Musulmi ya san ladabin neman izini, cewa sau uku ne, in ba a amsa ba sai a koma. Saboda haka mai sauraro yana ƙirgawa tare da falken, ya kuma san cewa shirun nan na mai ji ne, tun da kowace sallama ta tsayar da hannu guda. Idan falken ya saɓa ladabi ya leƙa, kada ya ga kowa, sai turmi a kife, gizo-gizo ya yi saƙa a gindinsa. Idan ya juya zai fita, taɓarya ɗaya ta ci gaba da dakan, amma yanzu daga zauren da zai bi. Ba a zubar da jini ko ɗigo ba, amma an toshe masa hanya da sauti kaɗai.

Ƙasar kanta tana taimakon mai labari, domin duwatsu suna mayar da murya, har mutum ya kasa tantance inda ta fito. A Birnin Kudu ma akwai duwatsu masu amo kamar kuge idan an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a 1956. Wannan dabara ta sauti da rashi kuma ba ta Hausa kaɗai ba ce: a labarin W. W. Jacobs na dagin biri, wanda ya fito a 1902, ƙwanƙwasa ƙofa ce ke ɗauke da firgicin duka, da aka buɗe kuwa ba a tarar da kowa ba.

Kurakuran da ke rushe wannan gini sanannu ne. Shirun da ba a gabatar masa da sauti ba ba shi da nauyi, domin sai an ji lugude ake jin ɗaukewarsa. Haka kuma bayani a ƙarshe, a ce ai wata mata ce ta rasu a gidan shekaru kaza, yana mayar da gaibu labarin unguwa. Yawan jini kuwa ƙyama yake haifarwa, ita kuma ƙyama kawar da kai take sawa, alhali tsoro kasa kunne yake sawa. Mai bayarwa da baki yana gane nasararsa a take: in yara sun matso sun yi shiru, ya dace, in sun fara tambayar kamannin Dodo, ya yi gaggawa.

Marubuci ba shi da wannan gata. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913 sun adana kalmomi, amma takarda ba ta riƙe tsawon numfashin da mai bayarwa ke ja kafin ya ce tsit. Don haka wajibi ne marubucin yau ya gina wannan dakatawa da alƙalaminsa: ya tsawaita jimla muddin sauti yana gudana, ya gajarta ta inda ya yanke, ya kuma rufe sakin layi kafin amsa ta zo, domin mai karatu ya yi jiran da falken ya yi.