Kalmar "Jinsi" da Kayan da Fassara ta Ɗora Mata

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda masu fassara a gidajen rediyo da jaridu suke kawo kalmomin zamani da suka shafi maza da mata cikin Hausa. Za a fi mai da hankali ga kalmar "jinsi", sannan a waiwayi wasu kalmomi uku da ake yawan cuɗanya su. Manufar ita ce a nuna cewa kalmar da mai fassara ya zaɓa takan yanke wa mai sauraro hukunci tun kafin ya ji bayani.

2.0 Kaya Uku a Kai Ɗaya

"Jinsi" ararriyar kalma ce daga Larabci, kuma ma'anarta ta asali ita ce iri ko nau'i, kamar a ce jinsin mutane ko jinsin dabbobi. Daga nan masana nahawu suka ɗauke ta don rabe sunaye, watau jinsin namiji kamar "gida" da jinsin mace kamar "riga". Kazalika ana amfani da ita wajen bambanta namiji da mace ta fuskar halitta.

Matsala ta taso ne sa'ad da masana zamantakewa a Turai da Amurka, irin su Ann Oakley a littafinta na 1972, suka raba abu biyu. Na farko shi ne halittar jiki. Na biyu, wanda suka kira "jenda", shi ne matsayi da ayyukan da al'umma take ɗora wa namiji ko mace, alal misali wa ke daka, wa ke zuwa gona, wa ke magana a bainar jama'a. Bayan taron mata na duniya da aka yi a Beijing a 1995, wannan kalma ta cika takardun hukumomi. Masu fassara ba su ƙirƙiro mata gurbi ba, sai suka sake miƙa hannu ga "jinsi". Ke nan bambancin da aka kafa ilimin a kansa ya ɓace a fassara, domin abu biyun sun koma suna ɗaya. Larabawa sun lura da wannan giɓi, shi ya sa suka ƙago "annau'ul ijtima'i", watau nau'i na zamantakewa.

3.0 Yadda Kalma ta Ɗauki Warin Maƙwabciyarta

A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta haramta aure tsakanin namiji da namiji ko mace da mace, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla shi. Cikakkiyar fassarar abin da dokar ta hana ita ce "auren jinsi ɗaya". Amma kanun labarai ba ya son tsawo, don haka aka yar da "ɗaya", aka bar "auren jinsi". A ma'aunin nahawu wannan yanki bai cika ba, tun da kowane aure na jinsi ne. To amma kunne ya saba da shi, kuma nauyin da "ɗaya" take ɗauke da shi ya koma kan "jinsi".

Daga nan duk wani furuci mai ɗauke da kalmar ya shiga zargi. "Daidaiton jinsi", wanda masu shi suke nufin bai wa 'ya mace damar karatu da aiki da neman haƙƙi, sai ya riƙa yi wa mai sauraro ƙarar "auren jinsi". Muhawarar Yarjejeniyar Samoa, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yunin 2024, ta bayyana wannan a fili. Takardar ta yi maganar daidaito tsakanin maza da mata, aka yi ta yaɗa cewa an amince da auren jinsi, gwamnati kuwa ta musanta. Ba fassara kaɗai ta haddasa wannan ce-ce-ku-ce ba, domin da Ingilishi ma an yi ta. Sai dai a Hausa tazarar da ke tsakanin maganganun biyu kalma ɗaya ce tak.

Ita ma "daidaito" tana da nata cikas. Bahaushe yana jin ta da ma'anar kunnen doki, nan take hankalinsa ya tafi ga rabon gado. Batun gado na cikin dalilan da aka kawo wajen sukar ƙudurin da Sanata Biodun Olujimi ta gabatar, wanda Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a Maris 2016. Inda matani yake nufin damar karatu ko magani, "adalci tsakanin maza da mata" ya fi kusa da manufa. Inda kuwa yake nufin rabo daidai wa daida, wajibi ne a faɗi haka, don sassauta kalma a nan yaudara ce.

4.0 Luwaɗi, Daudu da Mata-maza

Kalmomin Turai na wannan fage suna bayyana yanayin mutum ne, na Hausa kuwa kowace da abin da take aunawa. "Luwaɗi" daga Larabci take, tana nuni ga mutanen Annabi Luɗu, kuma suna ce ta aiki tare da hukuncinsa. Idan rahoton likita yana maganar sha'awa ko ɗabi'a, aka fassara da "ɗan luwaɗi", an jingina wa mutum aikin da matanin bai ambata ba.

"Ɗan daudu" kuwa matsayi ne a zamantakewa: namiji mai magana da motsi irin na mata, wanda sau da yawa sana'arsa sayar da abinci. Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009 a kan Kano, ya nuna cewa daudanci da neman maza ba abu ɗaya ba ne, kuma masu neman mazan suna da sayensu, "masu harka". Saboda haka fassara mai sauya jinsi da "ɗan daudu" kuskure ne.

"Mata-maza" ita ce ta fi ba da darasi. Wannan halitta ce, kuma malaman fikihu sun san ta da sunan "hunsa". Littafin Muhtasar na Shehu Halil da mas'alarta ya rufe. A mazhabar Malikiyya, wanda aka kasa tantance shi yana samun rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Idan mamaci ya bar ɗa namiji ɗaya da hunsa ɗaya, a kasa dukiyar 12. In namiji ne zai sami 6, in mace ce 4, don haka a ba shi 5, ɗan'uwansa ya ɗauki 7. Kalmar da take da mazauni a shari'a ta sa ana kallon mai ita da tausayi. Mai fassarar da ya cusa mata-maza cikin "'yan luwaɗi da maɗigo", saboda takardun waje sukan jera su a layi ɗaya, ya ƙwace wa bayin Allah mutuncin da harshe ya riga ya ba su.

5.0 Kammalawa

Aikin mai fassara shi ne ya isar da abin da aka faɗa, hukunci kuwa na mai sauraro ne. Ana ba da shawara a bar "jinsi" ga halitta da nahawu, a yi amfani da "matsayin maza da mata a al'umma" ga ma'ana ta zamantakewa, a kuma mayar wa "auren jinsi" da "ɗaya" ɗinsa. Kafin a zaɓi kalma a tambaya: matanin yana maganar jiki ne, ko aiki, ko matsayi? Idan kalma ɗaya ta amsa duka ukun, to fassarar ba ta kammala ba.