Kashi biyar a sabis, kashi 78 a wasa: lissafin da ke ƙarƙashin tanis

A jawabin da Roger Federer ya yi wa ɗaliban Dartmouth a 2024, ya ce ya ci kusan kashi 80 cikin ɗari na wasanni 1,526 da ya buga shi kaɗai, amma makin da ya ci a cikinsu kashi 54 ne kawai. Wanda bai san tanis ba zai ɗauka akwai kuskure a alƙaluman. Babu. Tsarin ƙidayar wasan ne yake ɗaukar ɗan rinjaye a maki ya ninka shi hawa uku: maki su tara gem, gem su tara turmi, turmi su tara wasa. A kan wannan ne masu lissafi suka gina hasashensu, da lambobi biyu kacal, wato yawan makin da kowane ɗan wasa yake ci idan shi ke buga sabis. Ni a ganina lissafin kansa ingantacce ne fiye da yadda masu sukarsa suke zato. Inda yake yin tuntuɓe shi ne lambobin da ake zuba masa.

A fara da gem guda. Wanda yake cin rabin makinsa na sabis zai riƙe rabin gem ɗinsa. Idan ya kai kashi 60, zai riƙe kusan kashi 74. A kashi 65 zai riƙe 83. A kashi 70 kuwa, 90. Dalilin wannan tsalle yana fitowa fili a 40-40, inda dole mutum ya ci maki biyu a jere. Idan p ce damar cin maki, q kuma damar faɗuwa, damar fita da gem daga nan ita ce p²/(p²+q²), don haka mai kashi 60 yana da kashi 69 a wurin. Duk ƙa'idar da ta ce sai an yi tazarar biyu, mai ƙarfi take yi wa aiki.

Sai dai lambar sabis ba ta mai sabis ba ce shi kaɗai, akwai hannun wanda yake tsaye a ɗaya gefen ragar. Tristan Barnett da Stephen Clarke sun ba da hanya mai sauƙi a 2005: a ɗauki matsakaicin gasar, a ƙara abin da mai sabis ya fi sa'o'insa da shi, a cire abin da mai mayarwa ya fi sa'o'insa da shi. Mu ƙaddara gasa ce ta maza inda mai sabis yake cin kashi 64, mai mayarwa 36. Ɗan wasa na farko yana cin 66 a sabis da 38 a mayarwa. Na biyu 64 da 35. Sabis ɗin na farko zai zama 64, a ƙara 2 na ƙarfinsa, a ƙara 1 na raunin mayarwar abokin karawarsa, 67 ke nan. Na biyu ba shi da abin ƙarawa, kuma za a cire masa 2, ya koma 62. Da waɗannan, na farko zai riƙe kusan kashi 86 na gem ɗinsa, na biyu 78. Damar na farko ta cin turmi guda ta zama kusan kashi 66. A wasan da ake neman turmi biyu cikin uku damar cin wasan ta haura 73, a na uku cikin biyar, irin na maza a manyan gasa huɗu, ta kai 78. Tazarar ce ke magana: da lambobin 70 da 65 ne, sakamakon ba zai yi nisa da wannan ba, illa dai a yawaita zuwa raba-gardama.

Babban ƙorafin da ake yi shi ne lissafin yana ɗaukar kowane maki kamar jefa kwabo, bai san gajiya ba, bai san tsoro ba, bai san mutum ya samu ƙwarin gwiwa ba. Ƙorafin yana da tushe, kuma an gwada shi. Franc Klaassen da Jan Magnus sun bi maki kusan 90,000 na Wimbledon daga 1992 zuwa 1995, suka wallafa sakamakon a 2001. Sun tarar cewa cin makin da ya gabata yana ɗan ƙara damar cin na gaba, kuma mai sabis yana ɗan raguwa a makin da ya fi nauyi, musamman idan ba gwani ba ne. Amma bambancin ƙarami ne, bai isa ya rushe hasashen wasa ba. Zato ne da ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba, amma kuskurensa ba shi da tsada.

Ƙorafi na biyu ya fi ɗaukar hankali, domin yana da shaida da kowa ya gani. A wasan ƙarshe na Wimbledon na 2019, Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic 204. Federer ya ƙwace gem ɗin sabis sau bakwai, Djokovic sau uku. A turmi na biyar Federer ya kai 8-7 da 40-15 a sabis ɗinsa, saura maki ɗaya. Duk da haka Djokovic ne ya ɗaga kofin, don shi ya ci raba-gardama uku da aka buga, alhali turmin da Federer ya ci da 6-1 ya tara masa makin da bai amfane shi a wani turmin ba. Wannan bai ƙaryata lissafin ba. A misalinmu na sama, wanda yake da kashi 66 a turmi yana da kusan 58 ne kawai a raba-gardama, saboda gajere ne, kuma gajeren fage yana taimakon mai rauni. Wanda aka ba kashi 78 ma zai faɗi fiye da sau ɗaya cikin biyar. Ko Djokovic yana da wata natsuwa ta daban a irin wannan lokaci, wasa ɗaya ba zai tabbatar ba.

Rauni na gaskiya yana can baya, tun kafin a fara lissafi. Abin da ke ninka rinjaye shi ne ke ninka kuskure: kusa da kunnen doki, kuskuren kashi ɗaya a tazarar sabis yana motsa damar cin wasa da kusan kashi biyar. A wasa mai turmi uku mutum yakan buga sabis na maki 70 zuwa 80, kuma a wannan adadi sa'a kaɗai tana iya ɗaga lambarsa ko ta sauke ta da kusan kashi biyar, daidai girman tazarar misalinmu gaba ɗaya. Wanda ya ɗauki alƙaluman wasa biyu ko uku ya yi hasashe, yawanci sa'a ya auna. Idan kuma ya ɗauki na shekara guda, ya haɗa ciyawa da jar ƙasa, inda sabis ba ya cizo iri ɗaya, ya haɗa lokacin lafiya da na ciwo. Ga kuma matsalar abokan karawa: gwani yana yawan kaiwa zagayen ƙarshe, inda yake haɗuwa da masu iya mayarwa, sai lambarsa ta nuna ƙasa da ƙarfinsa, yayin da ta wanda ya tara tasa a ƙananan gasa take kumbura. Gyaran Barnett da Clarke yana duba abokin karawa na yau, bai duba na jiya ba.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da Stephanie Kovalchik ta kwatanta hanyoyin hasashe a 2016 ta tarar cewa ma'aunin Elo, wanda bai san komai game da sabis ba sai wa ya ci wa, ya fi hanyoyin maki dacewa kafin a fara wasa. Elo yana auna ƙarfin abokin karawa kai tsaye, abin da alƙaluman sabis suke rasa. Amma da an buga ƙwallon farko, aikin ya koma hannun lissafin maki, domin shi ne zai iya faɗin darajar 30-40 a 4-4, ya kuma sake ƙidaya bayan kowane maki. Masu aikin da kyau sukan haɗa biyun: su samo tazarar daga Elo, su samo jimillar lambobin biyu daga irin filin, sannan su bar makin da ake bugawa a ranar ya gyara lambobin a hankali, ba da gaggawa ba.