Kama kuskuren na'ura a aji: dabara ce mai kyau, amma da sauran gyara

A 2023 wani malami a Jami'ar Elon ta Amurka, C.W. Howell, ya ba ɗalibansa aikin da ya ja hankalin malamai da yawa. Maimakon ya hana su taɓa ChatGPT, sai ya sa kowa ya samo maƙala daga manhajar, ya duba ta kamar malami mai ba da maki. Maƙaloli 63 aka duba, kuma kowacce an same ta da ƙagaggen bayani, kamar maganar da aka jingina wa wanda bai faɗe ta ba, ko littafin da ba a taɓa wallafawa ba.

Ina ganin dabarar ta fi hani nesa ba kusa ba, domin wayar da ka hana a aji tana nan a aljihu bayan an tashi. Sai dai yadda ake yabonta ya sa ba a cika kallon rauninta ba: ɗalibi ba ya kama kuskure sai a abin da ya riga ya sani.

Mu kwatanta. A ce kai malami ne a wata sakandare a Achilafiya, ka raba wa ɗalibai maƙalar da manhaja ta rubuta kan noman gero a masarautar Kazaure. A ce jimla ta farko ta lissafa ƙananan hukumomin masarautar, ta sa Babura a ciki. Da wuya a rasa mai ɗaga hannu, domin masarautar Kazaure ƙananan hukumomi huɗu gare ta: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Babura kuwa a masarautar Ringim take.

Me zai jawo irin wannan kuskure? Manhajar ba taswira take dubawa ba. An horar da ita ne ta riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, gwargwadon yadda kalmomi suka saba haɗuwa a tarin rubutun da aka ba ta. Babura da Kazaure suna mazaɓar sanata ɗaya, ta Jigawa ta Arewa maso Yamma, don haka sunayensu kan zo a jere. Inda rubutu ya yi ƙaranci, kamar ƙauyukanmu, hasashen ya fi saurin kaucewa, kuma jimlar za ta fito sumul ba alamar shakka.

To, ajin ya yi dariya, an kama na'ura. A nan matsalar take. A ce jimla ta biyu ta kawo adadin ruwan saman da yankin ke samu a shekara, da milimita, ta kuma jingina shi ga wani bincike mai sunan marubuci da shekara. Ba wanda zai ɗaga hannu. Lamba tana da kwarjini, sunan mai bincike ma haka. Ɗalibin da ya kama Babura zai koma gida yana jin ya iya tace rubutun na'ura, alhali jimlar da ta fi haɗari ta wuce ta gabansa salin-alin. Wannan ya fi rashin yin aikin muni, don yanzu ya yarda da idonsa.

Gyaran shi ne a daina tambayar "ina kuskure?" a koma "da me ka sani?" Kowane ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta yi iƙirari, ya sa ta a ɗaya daga gida uku: na tabbatar, na ƙaryata, ban samu hanyar tabbatarwa ba. Gida biyun farko sai da hujja a rubuce: shafin littafi, bayanan hukumar hasashen yanayi ta NiMet, ko bakin manomin da aka tambaya. Binciken da aka ambata kuma a nemi sunansa a Google Scholar. In bai fito ba, ba a gama yanke masa hukunci ba, amma ba za a kafa hujja da shi ba. Maki mafi tsoka a ba wanda ya cika gida na uku da gaskiya, tunda faɗin "ban tabbatar ba" shi ne ainihin abin da ake son koyarwa.

Akwai kuma batun kayan aiki, wanda masu yabon dabarar ba sa cika ambata. Ɗaliban Howell suna da laburaren jami'a da intanet. A ajin da waya ɗaya ce, data ma sai an yi karo-karo, gara malami ya buga sakin layi biyu kawai a takarda, kan abin da ke cikin littafin manhajar karatu ko abin da za a iya tambaya a gida. Jimla goma da aka bi diddiginsu sun ishi darasi guda, kuma malamin ya fara bin su da kansa kafin ya shiga aji.