Ranar da Harshen Imam Gazali Ya Ɗaure

A zaurukan karatu na Madawa, Buza da Keita, idan aka ambaci Imam Gazali sai a tuna Ihya'u Ulumiddin. Kaɗan ne ke waiwayar ƙaramin littafinsa, Almunƙizu minad Dalal, inda ya faɗi abin da ya fitar da shi daga Bagadaza. Masu ba da labarin ma sukan cakuɗa jarrabawa biyu da ya kamata a raba.

Ta farko ta hankali ce. Ya tuhumi ido, domin ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Hankali ne ya ƙaryata ido. To, wa ya tabbatar babu wani alƙali a sama da hankali? Mai mafarki ma yana gaskata mafarkinsa har ya farka. Kusan wata biyu yana cikin wannan hali, kuma ya ce ba hujja ce ta warkar da shi ba, haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa.

Ta biyu ta fi zafi, domin babu shakkar aƙida a cikinta. Waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, ɗalibai wajen 300 suna gabansa. Da ya binciki niyyarsa, sai ya tarar neman suna da matsayi ne ke tuƙa shi. Wata shida yana ɗaura niyyar tafiya da safe, sha'awa ta kwance ta da yamma. A 1095 harshensa ya ɗaure, darasi ya gagara, abinci ya ƙi zama. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya nuna Makka za shi, ya nufi Dimashƙa, ɗan'uwansa Ahmad ya riƙe kujerar.

Wasu manazarta na ganin tsoro ne ya kore shi, tunda an kashe Nizamul Mulki a 1092 kuma daular Saljuƙawa ta rikice. Sun kuma lura cewa ya rubuta Almunƙizu ne bayan komawarsa koyarwa a Naisabur a 1106, yana kare kansa. Maganar tana da ƙarfi. Amma ni alkawarin da ya ɗauka a kabarin Annabi Ibrahim nake dubawa: ba zai karɓi dukiyar sarki ba, ba zai je fada ba, ba zai ƙara shiga muƙabalar malamai ba. Mai gudun takobi mafaka yake nema, ba ya toshe wa kansa hanyar abinci. Mutanen ƙasar Gobir sun san irin wannan, domin Shehu Usmanu ma ya ƙi kyautar Bawa Jangwarzo a Magami.

Gazali bai jefar da ilmi ba. A shekarun keɓewar ya rubuta Ihya'u, kuma ya rasu a Ɗus a 1111 yana karantarwa a makarantar da ya gina kusa da gidansa.