Akuyar da ta ɓace: nazarin labarin koyar da shuɗaɗɗen lokaci

Wanda ya taɓa leƙa aji huɗu ko biyar na firamare a Gaya ko Ajingi ya san wannan darasi. Malamin Turanci ya ja layi a tsakiyar allo, dama ya jera aikatau, hagu ya jera siffarsu ta shuɗaɗɗen lokaci, yara kuma su ɗauka baki ɗaya kamar masu biya karatun allo. Bayan an gama sai a karanta ɗan gajeren labari wanda kowace jimla a cikinsa ta faru ne jiya. Wannan ɗan labarin shi ne abin nazarina, domin salo ne mai zaman kansa, da ƙa'idojinsa da ramukansa.

Salon ba sabo ba ne. Michael West, wani malami Bature da ya yi aiki a Bengal ta ƙasar Indiya a shekarun 1920, shi ne ya shahara da tsara littattafan karatu masu ƙayyadaddun kalmomi, inda sabuwar kalma ba ta shigowa sai an maimaita ta sau da yawa. Daga wannan tushe ne irin labaran suka bazu a makarantun ƙasashen da Ingila ta mallaka. Sai dai galibin waɗanda ke zuwa hannun yaranmu an gina su ne bisa zaton cewa aikatau masu bin ƙa'ida, wato masu ƙara -ed a ƙarshe, su ne masu sauƙi, marasa bin ƙa'ida kuwa su ne dutsen. Ga ɗan Bahaushe, a ganina, lissafin a kife yake.

Dalilin yana cikin nahawunmu. A Hausa aikatau ba ya sauya kama don nuna lokaci. Ɗan lafazin da ke gabansa ne ke ɗauke da wannan kaya. Muna cewa sun tafi, suna tafiya, za su tafi, a cikin labari kuma sai suka tafi. Kunnen yaro ya saba neman lokaci a gaban aikatau, Turanci kuwa ya ɓoye shi a wutsiya. Wutsiyar ma ba kullum ake jin ta ba. A rubuce -ed ɗaya ce, amma a baki uku ce: a "walked" tana fita kamar t, a "played" kamar d, sai a irin su "wanted" ne kawai take zama cikakkiyar gaɓa. Kalmar Hausa kuma ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a cunkushe, shi ya sa "walked" ke komawa "walk" a bakin yaro, wani lokaci har a bakin malaminsa. A ajin da ya cika maƙil, na bayan aji ba ya jin wani bambanci ko kaɗan. Amma tsakanin "go" da "went" ko mai gyangyaɗi ya ji an canza kalma.

Bari mu gina labari guda mu gani. Wata yarinya ce a wani ƙauyen Ajingi ta wayi gari akuyarta ta tsinke. Ta je bakin rijiya, ta gaida mata masu ɗiban ruwa, suka ce ba su gani ba, suka nuna mata maƙera. Ta je maƙera, ta gaida maƙeri, ya ce bai gani ba, ya nuna mata teburin mai shayi. Ta je wurin mai shayi, ta gaishe shi, ya ce bai gani ba, ya nuna mata hanyar Gaya. A kasuwa ta ga akuyar tana cin ganyen wata mai sayar da zogale, ta jira, ta ƙirga kuɗin da ke ƙulle a gefen zanenta, ta biya ɓarna.

Aikatau bakwai ne ginshiƙin wannan labari. Marasa bin ƙa'ida uku: "went", "said", "saw". Masu bin ƙa'ida huɗu: "greeted", "pointed", "waited", "counted". Da gangan na zaɓi huɗun nan, domin duk asalinsu ya ƙare da t, don haka wutsiyarsu na fita sarai ta isa bayan aji. Marubuci mai gaggawa zai sa "asked", tunda yarinyar tambaya take yi, alhali wannan kalma ta ƙare da baƙaƙe uku a jere, s da k da t, wadda ko manya sukan haɗiye rabinta. Gara a ajiye ta zuwa wani zangon karatu.

Inda gwanintar take shi ne a maimaici. A zango uku na farko yarinyar ta je, ta gaisa, an ce, an nuna, ke nan aikatau huɗu sun dawo sau uku uku ba tare da an tilasta su ba, don tafiyar labarin ce ta kawo su. Kakanninmu mata sun riga masu littafi sanin wannan dabara: tatsuniyar da ake bi ƙofa ƙofa ana maimaita zance ɗaya, har yara su riƙa tarbar mai ba da labari da abin da za ta faɗa. A zango na uku malami zai iya yin shiru bayan ya ce "She", aji ya cike da "went". Labaran da suka gaza su ne na jerin ayyukan yini: na tashi, na yi wanka, na ci abinci, na tafi makaranta. Aikatau ashirin, kowanne sau ɗaya, babu abin da ya ɓace, babu wanda ake jira. Jadawalin allo ne aka ɗaura wa zane.

Akwai wani rami kuma, wato cika labari da "yesterday". Idan kowace jimla ta soma da ita, yaro zai ɗauka ita ce ke nuna lokaci, ya bar aikatau yadda yake. Sau ɗaya a farkon labari ya wadatar.

Yaya za a gane darasi ya shiga? Biya labarin da ka ba shaida ba ce, don yaran da suka saba da hadda za su iya sauke shi tas ba tare da sun lura da komai ba. A ce wa yaro ya mai da kansa mai akuyar, ko a ba shi aikatau da ba ya cikin labarin, kamar "plant", ya faɗi abin da babansa ya yi a gona da damina. Wanda ya ce "she go" bai riga ya ga wutsiyar ba. Wanda ya ce "goed" kuwa, kada a yi masa tsawa. Masu nazarin yadda yara ke koyon harshe sun daɗe da lura cewa 'ya'yan Turawa ma sukan fara da "went", su koma "goed" bayan sun gano ƙa'ida, sannan su dawo daidai. Tun 1958 Jean Berko ta gwada yara da kalmomin da ta ƙirƙira, suka liƙa musu wutsiya daidai, alamar ƙa'ida suka kama. Mai "goed" ya fi mai hadda nisa a hanya.

Abin da salon ba ya iya yi shi kaɗai shi ne korewa da tambaya. Matan bakin rijiya sun ce ba su ga akuya ba, Turancin wannan kuwa "did not see" ne, aikatau ya koma asalinsa don "did" ta karɓi kayan lokaci. Yaron da ya sha maimaita "saw" zai ce "did not saw", kuma labarin ne ya jawo masa. Abin dariya, nan ne Turanci ya fi kusa da Hausa, tunda a "ba su gani ba" ma gaba ne ke ɗauke da nauyi. Malamin da ya faɗa wa yara haka da Hausa, ya rubuta jimlolin biyu ɗaya ƙarƙashin ɗaya a allo, zai iya mayar da su bakin rijiya a mako na gaba, wannan karon su ne matan da ake tambaya.