Fassarar Sharuɗɗan Fasaha a Takardun Kwangilar Hanya da Gada: Nazari Daga Jos

Takardun neman kwangilar hanya ko gada a Jos suna fitowa da Turanci, kamar na sauran jihohin Najeriya, kuma mafi yawansu suna jingina da littafin ƙa'idojin hanyoyi da gadoji na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, wanda aka sabunta a 1997. Amma a wurin aiki, ko Farin Gada ne ko Bukuru, da Hausa ake magana tsakanin foman, birkila, direban tifa da mai sayar da tsakuwa. Babban ɗan kwangila kan sa a fassara sashen fasaha domin waɗannan ƙananan 'yan kwangila su yanka masa farashi kafin ya miƙa tayinsa. Duk kuskuren da ya shiga fassarar, a farashi zai ɓulla.

Sharaɗin fasaha yana tafe da abubuwa huɗu: adadi, ma'auni, yanayin da za a yi awo, da ƙarfin umarni. Ba kasafai adadi da ma'auni ke ɓacewa ba, domin ido yana ganinsu. Na uku da na huɗu su ne ke zubewa a hanya.

A ɗauki misalin shimfiɗar jar ƙasa, wadda ake samu da yawa a ramukan kewayen Jos. Sharaɗi na iya cewa kaurin shimfiɗar ya zama milimita 150 bayan rola ta danne ta. Idan faɗin hanya mita 7.3 ne, kilomita guda zai ci kyubik mita 1,095 na dannanniyar ƙasa. Sai dai ƙasar da tifa ke saukewa sakakkiya ce, takan ragu sosai a ƙarƙashin rola. Idan aka ƙiyasta ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu, abin da za a ɗauko ya kai kusan kyubik mita 1,370. Ga tifa mai cin kyubik mita 10, wannan sawu 137 ke nan maimakon 110. Mai fassarar da ya rubuta kaurin kaɗai ya bar batun dannewa, ya jawo wa mai kawo ƙasa asarar sawu 27 a kowace kilomita, rigimar kuwa ba za ta tashi ba sai ranar awo.

Haka abin yake ga gwajin ƙarfin ƙasa mai suna CBR. Ana neman kashi 80 ga shimfiɗar da kwalta za ta hau, kashi 30 ga ta ƙarƙashinta, kuma sharaɗi yakan fayyace ko za a jiƙa samfurin a ruwa kafin gwaji. A Jos, inda damina ke ɗaukar wajen wata shida, wannan jimla tana da nauyi, musamman inda hanya ta ratsa cikon tsofaffin ramukan kuza. Ƙasar da ta ci gwaji a bushe tana iya faɗuwa idan ta sha ruwa. Dole fassara ta ambaci jiƙawar da tsawon lokacinta kamar yadda asali ya faɗa.

A kankaren gada, matsalar ta sha bamban. Birkila ya saba da lissafin kwano: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Takardar kwangila kuwa daraja take nema. Kankare mai daraja 30 shi ne wanda ɗan curinsa mai milimita 150 a kowane gefe zai jure nauyin niyuton 30 a kan kowane murabba'in milimita idan aka matse shi bayan kwana 28. Mai fassara da ya mayar da darajar zuwa lissafin kwano don sauƙaƙawa ya sauya sharaɗin gaba ɗaya, domin haɗin da zai kai wannan ƙarfi ɗakin gwaji ke fitar da shi, gwargwadon yashi, tsakuwa da ruwan da za a yi aiki da su.

Ƙarfin umarni kuma hawa uku ne: wajibi, shawara da zaɓi. Hausa tana da “dole ne”, “ya kamata” da “ana iya”, amma ladabin magana yakan ja mai fassara zuwa “ya kamata” a inda asali ya wajabta. Tayin da ya kauce wa wajibi ana iya ajiye shi gefe tun ba a duba farashinsa ba.

Ana gano kuskure ta hanya biyu. Na farko, a ba wani injiniya fassarar ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ga asali ba, sannan a gwada su. Na biyu, a bi kowane adadi a daidaita shi da zanen aiki da jadawalin kaya da farashi. Idan asalin ne ke da harshen damo, mai fassara ba shi da hurumin zaɓar ma'ana. Ɗan kwangila zai rubuta wa hukumar da ta fitar da tallar kafin wa'adi ya cika, ita kuma ta aika amsa ga duk masu nema. Kwafin Turanci shi ake sa wa hannu, shi kuma ake komawa idan an yi saɓani, don haka akan rubuta wannan gargaɗi a saman fassarar, a kuma bar lambar kowane sakin layi yadda take a asali.